Maganar fitaccen mutum ko tawa, a jawabin yaye ɗalibai?

Tambaya: An zaɓe ni in yi jawabi na minti biyar a madadin 'yan ajinmu ranar yaye ɗalibai. In kawo maganar wani fitaccen mutum ne, ko in tsara tawa?

'Yar'uwa, ki tsara taki, sai fa idan maganar aron za ta yi aikin da taki ba za ta iya ba. Jawabin minti biyar bai wuce kalmomi 600 zuwa 650 ba, kuma jimla ɗaya ce mutane kan tafi da ita gida. Idan ta aro ce, mai maganar za a tuna, ba ajinku ba.

Ga yadda ake gwadawa. Ki ɗauki jimlar ki tambayi kanki: za a iya karanta ta a bikin wata makaranta ba tare da an canza komai ba? Maganar Nelson Mandela cewa ilimi ne makami mafi ƙarfi na sauya duniya gaskiya ce, amma ta dace da kowane aji, kuma da wuya babban baƙo bai riga ki faɗinta ba. Yanzu a ce ajinku ya yi shekara guda ba ɗakin gwaje-gwaje, kuna aron na wata makaranta da yamma. Sai ki ce: "Mu ne ajin da ya koyi kimiyya a ɗakin aro, kuma ba mu taɓa mayar da shi da datti ba." Ba ta kai ta Mandela nauyi ba, amma 'yan ajin za su yi dariya, malamai su gyaɗa kai, domin kowa ya san abin da kike nufi.

Inda aro ke yin amfani shi ne in akwai labarin da ya haɗa ki da maganar. A jawabinsa na Jami'ar Stanford a 2005, Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, ya rufe da maganar aro, amma sai da ya faɗi inda ya gan ta yana matashi da abin da ta zame masa. To idan haka ne, guda ɗaya ta isa, wadda za ki faɗa da numfashi ɗaya, kuma ta biyo bayan labarin, kada ki buɗe da ita.

Sannan ki binciki asalinta. Akwai maganar da ake yawan jingina wa Mandela, wai babban tsoronmu ba gazawarmu ba ce, ƙarfinmu ne, har ana cewa a jawabin rantsar da shi na 1994 ya faɗe ta. Ba ta cikin jawabin. Marubuciya Marianne Williamson ce ta rubuta ta a 1992. Idan ba ki samu wurin da aka faɗi magana da shekarar ba, sai hoton mutum da rubutu a gefe, ki bar ta. A gaban malamai za ki tsaya, kuma ba a rasa wanda zai gane.