Daga Jami'a Zuwa Kamfani: Yadda Za Ka Sake Takardar Neman Aikinka

Tambaya: Malam, ni malamin kimiyyar abinci ne a jami'a, shekara 11 ina koyarwa. Ina da maƙalu 19, yawancinsu kan gubar fumfuna a gyaɗa, kuma na taɓa samun tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Na tura wa kamfanonin sarrafa abinci takardata mai shafi 14, shiru kake ji. Ina matsalar?

Amsa: Dakta, takardar da ka tura ta kwamitin ƙarin girma ce. Manajan masana'anta ba ya ƙirga maƙalu, abin da ke hana shi barci shi ne kayan da za a dawo masa da su. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci kai tsaye idan gubar fumfuna da ake kira afalatoksin ta wuce maikurogiram 4 a kilo ɗaya, kuma kwantena guda da aka ƙi karɓa asarar miliyoyi ce. Kai kuwa ka san maganin wannan, sai dai ka binne shi a shafi na tara.

Ka mayar da takardar shafi biyu. Zaɓi maƙalu uku kacal, kowace ka cire sunan mujalla da dogon take, ka rubuta matsalar, abin da ka yi, da abin da ya fito. Misali: "Na gwada gyaɗa daga rumbunan 'yan kasuwa, na gano inda danshi ke shiga, na tsara busarwa har danshin ya sauka zuwa kashi 7 ko 8 cikin ɗari kafin a zuba a buhu." Sai ka ƙara ainihin adadin samfuran da ka auna da yadda gubar ta ragu. Sauran maƙalun layi ɗaya ya ishe su.

Tallafin TETFund ɗin nan ya fi maƙalun daraja a idon kamfanoni, kuma malamai da yawa ba su san haka ba. Kuɗi ne aka damƙa maka, ka yi kasafi, ka sayi kayan aiki, ka kula da mataimaka, ka kawo rasit. Faɗi nawa ne, mutum nawa suka yi aiki a ƙarƙashinka, da ko ka gama a kan lokaci. Koyarwa kuma ka rubuta ta a matsayin horar da mutane su yi gwaji daidai, domin sashen kula da inganci kullum yana buƙatar haka.

Amma kada ka kambama. Sakamakon kilo biyu a ɗakin gwaji daban yake da tan talatin a sito, kuma za su tambaye ka. Kafin ka sake nema, yi kwas ɗin HACCP, wato tsarin gano haɗari da kare lafiyar abinci a masana'anta, ka karanta ƙa'idojin NAFDAC, sannan ka nemi wani mai matse man gyaɗa ka yi masa aikin wata uku, ko da kuɗin mota kawai zai ba ka.

Idan bayan gyaran har yanzu ba a kira ka ba, duba ko kalmomin tallar aikin sun fito a takardarka. Idan ana kiranka hira amma ba a ɗauka, to kana bayanin hanyar bincike ne, alhali su farashi da lokaci suke tambaya.