Me ya sa L ba ya bin layin ω kullum?

Tambaya: "Malam, an koya mana L = Iω. To yaya momentam na juyi zai kalli wani ɓangare dabam da gudun juyi idan abu yana juyawa a karkace?"

Amsa: Wannan ƙa'idar tana aiki ne kawai idan abu yana juyawa a kan ɗaya daga cikin manyan layukan juyinsa, wato layukan da nauyinsa ya daidaita a kewayensu. Asalin ma'anar ita ce L = r × p, inda r ke nuna matsayin kowane ɓangare na abun daga tsakiyar juyi, p kuma momentam ɗinsa, don haka L ya dogara ga yadda nauyi ya bazu, alhali ω layin juyi da saurinsa kaɗai yake nunawa.

Ɗauki sanda marar nauyi mai tsawon mita 1, da dunƙule mai kilogiram 1 a kowane bakinta, a ɗaure tsakiyarta a jikin ƙarfen da ke tsaye, ta karkace da digiri 30 daga gare shi, a juya ta da radiyan 10 a daƙiƙa. Kowane dunƙule yana kewaya da'ira mai nisan mita 0.25 daga ƙarfen, da gudun mita 2.5 a daƙiƙa. Tun da r yana bin sandar, dole L ya yi kusurwar digiri 90 da ita, wato ya kauce wa ω da digiri 60. Girmansa 2.5 kg·m²/s ne, amma 1.25 kaɗai ke bin ƙarfen, kusan 2.17 a gefe yake, yana zagayawa tare da sandar.

Wannan ɓangaren na gefe shi ne matsalar, domin sauya masa alkibla yana buƙatar ƙarfin murɗa na kusan 21.7 N·m, kuma boris ɗin da ke riƙe da ƙarfen ne ke ɗaukarsa, shi ya sa ake jin jijjiga ko da tsakiyar nauyin tana kan layin daidai. Idan aka mayar da karkatar digiri 90, ɓangaren gefen zai ɓace, L ya hau layin ω.