Me ya sa sai ka ba rana baya kake ganin bakan gizo, amma da'irar wata tana kewaye da shi?

Tambaya: "Jama'a, kullum na ga bakan gizo, rana tana bayana. Amma jiya na ga da'ira ta kewaye wata, kamar ya yi sansani. Abu ɗaya ne?"

Malam, ba ɗaya ba ne. Bakan gizo aikin ɗigon ruwa ne. Haske kan shiga ɗigo ya karkata, ya bugi bangon ɗigon ta ciki ya dawo, ya sake karkata wajen fita. Kowace kala da nata karkacin: ja na fita a kusan digiri 42, shuɗi mai duhu wajen 40, shi ya sa ja ke waje. Tunda hasken dawowa yake yi, dole ka ba rana baya.

Jarraba da la'asar sakaliya. Juya wa rana baya, ka toshe bakin tiyo da babban yatsa har ruwan ya zama feshi. Bakan zai fito kewaye da inuwar kanka. Da tsakar rana kuwa kada ka wahalar da kanka kana duban sama, domin in tsayin rana a sama ya haura digiri 42, bakan ya faɗa ƙasa.

Da'irar wata kuma ƙanƙara ce, ƙanana masu gefe shida, cikin siririn gajimare can ƙololuwa, inda ake tsananin sanyi ko a watan Afrilu. Haske kan ratsa su ya wuce da karkacin digiri 22, ba ya dawowa, don haka sai ka fuskanci watan. Miƙa hannu ka ware yatsu, babban yatsa kan wata: ƙaramin zai kusa taɓa da'irar. A nan ja yana ciki.