Motar kamfani da katin mai: abin da ake ɗora wa albashi a Birtaniya

"Kamfaninmu a Ingila ya ba ni mota da katin shan mai. Albashina bai ƙaru ba, amma harajin da ake cire min ya haura. Ina matsalar take?"

Ɗan'uwa, ba kuskure aka yi maka ba. Na daɗe ina haɗa albashin ma'aikata a can, kuma duk wanda aka ba mota sai ya zo da wannan ƙorafi. Hukumar haraji ta HMRC tana ɗaukar motar tamkar ƙarin albashi muddin an yarje maka ka yi harkokinka da ita, kuma zuwa ofis daga gida ma harkarka ce a wurinsu.

Farashin motar tana sabuwa ake ɗauka, wanda masu ƙera ta suka sa, ko da kamfaninku ya samu ragi ko ta hannu ya saya. Sai a ɗauki wani kaso na wannan farashin gwargwadon hayaƙin da take fitarwa, iyakarsa 37 cikin 100. A ce farashin fam 30,000 ne, kason motar kuma 28 cikin 100. Fam 8,400 ke nan za a ɗora a kan albashinka na shekara. Ba su za ka biya ba, harajinsu za ka biya: in kana matakin kashi 20, fam 1,680 a shekara, wato 140 duk wata. Shi ya sa za ka ga lambar harajinka, wadda ke nuna kuɗin da ba a cire wa haraji a albashinka, ta sauko daga 1257L zuwa wajen 417L.

Katin man ne ya fi cin mutane. Ba ruwan hukuma da litar da ka sha. Akwai tsayayyen adadi, fam 27,800 a shekarar haraji ta 2024/25, daga cikinsa ake ɗaukar wancan kaso na motarka a ɗora a kan albashinka. A misalinmu fam 7,784 ne, harajinsa kusan 1,557, ko 3,114 ga mai biyan kashi 40. To, zauna da rasitanka ka duba. In man da kake ƙonawa a yawon kanka bai kai haka a shekara ba, wannan "kyauta" asara kake yi da ita. Na ga wanda daga kai yara makaranta sai cefanen ƙarshen mako yake yi da motar, amma harajin da ya biya ya ninka kuɗin man.

Kuma mayar da rabi ba ya rage komai. Sai ka biya kamfani kuɗin man harkokinka kaf, kafin 6 ga Yuli bayan ƙarewar shekarar haraji, sannan a soke harajin man. Don haka riƙa rubuta kowace tafiyar aiki da nisanta, domin da wannan za a ware naka da nasu. Ka kuma nemi takardar P11D, wadda kamfani ke sanar da HMRC irin waɗannan abubuwan da ya ba ka, ko ka duba takardar albashinka in ta can suke cirewa, ka tabbatar motar da suka rubuta ita ce a hannunka.