Kanun labarin ambaliya ya ƙi shiga gurbinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke haɗa 'yar takardar labarai ta ƙungiyar ci gaban garinmu, nan yankin Auyo. Gurbin da nake da shi siriri ne, layi uku, kowane layi harafi 17. Kanun da aka ba ni shi ne: "Shugaban ƙungiyar manoman shinkafa ya ce ambaliyar ruwa za ta iya shafar gonakin ƙauyuka bakwai idan aka saki ruwan dam a watan Agusta." Na rage shi zuwa "Ambaliya ta shafi ƙauyuka bakwai." Ya yi, ko akwai gyara?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Don Allah kada ka kai shi maɗaba'a a haka. Gurbi kam ya shiga, amma ya faɗi abu uku da labarinka bai faɗa ba: ya ce ruwan ya riga ya zo, ya ce garuruwan ne ruwa ya shiga alhali gonaki ake magana, kuma ya mayar da hasashen mutum ɗaya maganar takardarku. A yankinku wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ke noma a bakin kogin Haɗeja kunnensa na kan dam ɗin Tiga da na Challawa da zarar damina ta yi nisa, mai ɗan'uwa a Kano kuwa yana ganin hoton kanun nan a waya zai fara bugowa hankali tashe.

Na daɗe ina tsara shafi a wata ƙaramar maɗaba'a, kuma abin da na lura shi ne hannun mai ragewa yakan fara kai wa ƙananan kalmomi, don yana ganin ba su da nauyi: za, iya, ce, idan, wasu, ba. To a Hausa su ne ke riƙe da lokaci, da tabbas ko shakka, da mai magana. Manyan kalmomin su ne ke da rarar da za a yanke. Na taɓa ganin sanarwar da aka mayar da "za a raba taki" ta koma "an raba taki" don a samu wurin harafi biyu. Washegari manoma suka cika ƙofar sakataren suna tambayar wa ya cinye rabonsu, takin kuwa ko mota ba a ɗora masa ba.

Mu ɗauki naka. Da sarari da komai ya haura harafi 130, kai kuma 51 gare ka, domin shi ma sararin da ke tsakanin kalmomi wuri yake ci. Kafin ka taɓa komai, ja layi a ƙarƙashin abin da in ya fita labarin ya sauya. A nan guda uku ne: wanda ya faɗa, "iya", da "gonaki". Sauran duk ana iya ciniki a kansu.

"Shugaban ƙungiyar manoman shinkafa" ya koma "Shugaban manoma". Cikakken sunansa da muƙaminsa su jira a jimlar farko ta labarin, haka ma Alhaji ko Mai girma in akwai. "Ya ce" sai ɗigo biyu su tsaya a madadinsa. "Ambaliyar ruwa" ta koma "ambaliya", ba wanda zai zaci ta wani abu ce a watan Agusta. "Za ta iya" ta koma "na iya", shakkar tana nan daram. Ga abin da ya fito:

Shugaban manoma:
Ambaliya na iya
shafar gonaki

Layin farko 16, na biyu 15, na uku 13. Duk sun shiga.

Na san za ka ce ina ƙauyuka bakwai ɗin, tunda "shafar ƙauyuka 7" harafi 16 ne, shi ma zai zauna a layi na uku. Nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau. In ka jefar da adadin, mai karatu ya rasa wani bayani, amma abin da ya rage a kansa gaskiya ne, zai kuma tarar da adadin da ya karanta ƙasa. In ka jefar da "gonaki", ka sa masa hoton katangu na zubewa da mata ɗauke da kaya a ka, abin da shugaban bai ce ba. Ragi na farko rage bayani ne, na biyu sauya labari ne, kuma duk lokacin da wuri ya tilasta maka zaɓi, na farkon za ka ɗauka.

Sharaɗin sakin ruwa shi ne abin da ya fi yi mini ciwon bari. "Na iya" ya ɗan rufe shi, amma bai faɗi dalili ba. Maganinsa ƙaramin layi a ƙarƙashin kanun, da rubutu ƙanana: "A ƙauyuka 7, in an saki ruwan dam a Agusta." Ko da zai sa ka cire jimla guda daga ƙarshen labarin, ya cancanta.

Akwai wata gajeriyar hanya da za ta ja hankalinka, wato ka rubuta "in ji manoma" ka huta. Kada ka bi ta. Mutum ɗaya ya yi magana, ka mayar da shi jama'a, gobe wani manomi zai tare ka a kasuwa ya ce shi yaushe ya faɗa. Haka nan kada ka musanya "shafar" da "cinye" ko "ci" don sun fi gajarta. Ruwan da ya shafi gona yana iya janyewa shinkafa ta tashi, wanda ya cinye ta kuwa an yi asara ke nan.

Inda na fi tsananta wa yaran da na koya wa aiki shi ne labarin zargi. "Ana zargin" harafi goma ne, ya ci fiye da rabin layinka, amma ba ya fita. Wanda aka kama ba ɓarawo ba ne sai kotu ta ce, kuma a ƙauye sunan da takarda ta liƙa wa mutum yana bin 'ya'yansa har wajen neman aure. In wuri ya ƙi, ka cire sunan unguwa, ka cire adadin kayan, ka bar zargin.

Sai inda layi ke karyewa. Ido yakan ɗauki kowane layi shi kaɗai, don haka kada ka bar "ba a" a ƙarshen layi, "biya malamai ba" a na ƙasa, mai sauri zai tafi da "biya malamai". Kowane layi ya zama guntun magana mai tsayuwa da ƙafarta, kamar yadda ka gani a ukun can.

Lissafin 17 ɗin ma kada ka dogara da shi ɗari bisa ɗari. Harafin m da w sun fi faɗi, i da l sirara ne, manyan baƙaƙe kuma sun fi ƙanana cin wuri, shi ya sa layi mai 16 kan wuce gurbi, wani mai 17 kuwa ya zauna. Ka tabbatar irin rubutun da ka zaɓa yana da ƙ, ɗ da ɓ, in ba haka ba kwamfutar mai bugawa za ta aro su daga wani rubutun, layin ya motsa. Matse haruffa don su shiga dole kuwa ba na so, dattijo mai raunin ido ne zai sha wuya.

Kafin ka kai bugu, nemi wanda bai san labarin ba, ko a teburin mai shayi ne, ka karanta masa kanun kaɗai da baki, tunda da yawa daga mutanenmu ta haka labarin zai iske su. Ka tambaye shi: abin ya faru ko bai faru ba tukuna, wa ya faɗa, kuma me ruwan zai taɓa? In ya ce bai faru ba, shugaban manoma ne ya faɗa, gonaki ne, to ka buga. In ya kuskure ko ɗaya, koma ka roƙi layi na huɗu.