Hoto ya bi aiki, ba suna ba

Maigida, a rubutun fim ɗinmu na ban ruwa a yankin Jazira na ƙasar Sudan, gefen kowace jimla na sa "hoton gona", amma mai haɗa fim ɗin ya dawo mini da takardar. Ina na kuskure?

Ɗana, mai haɗawa ya yi maka gata. Gona ai suna ce, shi kuwa mai kallo aikin da ake faɗa yake son gani. Ja layi ka raba takarda biyu, magana a dama, hoto a hagu, sannan ka bi maganar kana ja wa kowane aiki layi a ƙasa.

Ɗauki jimlarka ta uku: "Manomi kan fasa bakin abu sitta, ruwa ya bi kwarin kunya har ƙarshen hawasha." Abu sitta ƙaramar magudana ce mai kai ruwa cikin gona, hawasha kuwa gonar manomi ɗaya. Aiki uku ne a nan. Fasawa: kusa-kusa, fartanya na sarar laka, ruwa ya ɓalle. Bin kunya: kamara a ƙasa daidai ƙauri, goshin ruwa na tafe yana tura ɗan kara a gabansa, busasshiyar baƙar ƙasa na shanyewa. Na uku daga nesa, mutum tsaye a ƙarshen hawasha yana jira. Haka za ka rubuta, har da inda kamara za ta tsaya.

To, karanta jimlar da agogo a hannu. Ba za ta wuce sakan 6 ko 7 ba, kuma hoto uku a cikinsu gudu ne, ido bai gama ɗauka ba an sauya. Don haka bayan "abu sitta" rubuta: shiru, sakan 4, ƙarar ruwa kawai. Ka kuma sa hoto ya riga kalmarsa shigowa da ɗan kaɗan. Wajen ɗauka, kowane hoto ya kai sakan 10, don mai haɗawa ya sami wurin yanka.

Ni ma na taɓa shan kunya. Magana na kan ruwan madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925, yadda yake gangarowa da kansa ta magudanai, sai na ɗora hoton injin ban ruwa da na ɗauka a bakin kogi kusa da Mairuno, don ya yi kyau. Da muka nuna, wani dattijo ya ce, "Wannan ai ba ruwanmu ba ne." Daga nan ba wanda ya ƙara sauraron muryar mai bayani.

Tun ranar nake ƙara sunan wata da na wuri a gefen kowane hoto. Alkama a Nuwamba ake shuka ta, a girbe wajen Maris. In a Agusta ka fita, dawa da gyaɗa da auduga za ka tarar. Jimlar da ba ta da hoto a watan da kake ciki, ko ka jira, ko ka ba manomi ya faɗe ta da bakinsa a gaban kamara.

Gyara jimla ta huɗu da kanka, ka kawo mini bayan la'asar.