Amsa: Jera duwatsu a gona mai gangare

"Gonata kan gangare take, kowace damina ruwa na kwashe min taki, ta yaya zan jera duwatsu daidai ba tare da injiniya ba?"

Malam sannu da ƙoƙari. Samo sanda biyu masu tsawo ɗaya, kamar mita 2, ka ɗaure kawunansu a sama, ta uku ka gicciya a tsakiya ya zama kamar harafin A, sai ka rataya igiya daga sama da dutse a ƙarshenta ta sauko ta wuce sandar tsakiya. Da shi za ka fitar da layin da ya gicciye gangaren ba hawa ba sauka, wanda za ka jera duwatsun a kai.

Inda mutane ke kuskure shi ne alamar tsakiya, kar ka auna da ido. Tsayar da shi, ka shata inda ƙafafun suka taka, inda igiyar ta tsaya a jikin sandar tsakiya ka yi zane, sannan ka juya ƙafafun su yi musanyar wuri ka sake zane. Tsakanin zane biyun nan ne daidai ɗinka.

Fara daga saman gona. Kafa turke gindin ƙafa ɗaya, ka riƙa matsar da ɗayar sama ko ƙasa har igiya ta zauna kan alama, kafa wani turken, ka juya ka ci gaba haka har bakin gona. Layin zai yi ta lanƙwasa, bar shi wallahi, ni na taɓa miƙar da nawa don ya yi kyau, ruwan farko ya taru wuri ɗaya ya fasa shi. Kuma da safe ake aikin nan kafin iska ta taso tana kaɗa igiyar.

Duwatsun kuma ka ɗan tona rami kamar santimita 5 manyan su zauna ciki, ƙananan ka cusa ta gefen tudu. In bayan ruwa ka ga yashi ya taru gefe ɗaya kawai, to layin ya karkata, sake auna wurin.